Yadda na shirya mitin ɗin daidaita hasashen ciniki da abin da injinmu zai iya fitarwa

Na rubuta wannan ne saboda wanda za a wayi gari a ce masa kai ne za ka haɗa mitin ɗin wata-wata na ciniki da sarrafa kaya, shi kuma bai taɓa ganin yadda ake yi ba, kamar yadda ya faru da ni. Ina aiki a wani kamfani da ke yin sabulun ruwa na wanke hannu, ni ne mai tsara aikin injin, watana bakwai a kujerar sai manajanmu ya turo min gayyata a kwamfuta an rubuta S&OP a samanta, wato sunan mitin ɗin a taƙaice da Turanci, ya ce daga wannan watan ni zan riƙa haɗa lissafin. Na tambaye shi me ake so na kawo, ya ce "kawai ka nuna mana ko abin da 'yan ciniki suka ce za su sayar za mu iya yinsa." Na ɗauka mitin ne na awa biyu. Ashe mitin ɗin shi ne ƙarshen abin, aikin gaske sati uku ne kafin a zauna, kuma mataki-mataki ne, in ka tsallake ɗaya a gaban shugabanni zai fito.

Satin farko na tattara bayanai ne, kuma anan na fara ruɗewa. Na je ofishin ciniki na roƙi hasashensu, suka ba ni a katan. Na je wajen 'yan akawu suka ba ni nasu a kuɗi. Na sauka masana'anta, shugaban injin ya ba ni nasa a litar sabulun da ake haɗawa a tanki. Sito kuma da falet suke ƙirga, wato katakon nan da ake jera katan a kai. Takardu huɗu a gabana duk kan kaya ɗaya suke magana amma babu wacce za ka ɗora kan wata. Kwana biyu na yi ina juya su kafin wata baiwar Allah a ofishin akawu, wacce ta taɓa yin wannan aikin a wani wuri, ta ce min Malam ka zaɓi ma'auni ɗaya ka mayar da kowa kansa, kuma kar ka bi kaya ɗaya-ɗaya, ka haɗa su dangi-dangi. Sai na zaɓi katan. Katan ɗaya kwalba 12, falet ɗaya katan 60. Muna da kala wajen 14 na sabulun, ƙamshi daban-daban, amma duk waɗanda ke bin layin injin ɗaya da kwalba iri ɗaya na haɗa su dangi guda. Labarin wannan dangi ɗaya zan bayar, don shi ne ya ba mu wahala.

A satin nan kuma na gano abu na biyu da ya kusa kayar da ni. Kwamfuta ta nuna muna da katan 14,000 a sito. Da na rubuta haka na wuce, amma wani abu ya ce min na sauka na gani da idona. Mai kula da sito ya zagaya da ni, ya nuna min wani layi da aka manna wa jar takarda, katan 3,000 ne 'yan duba inganci suka riƙe saboda murfin yana yoyo. Suna cikin lissafin kwamfuta amma ba mai iya sayar da ko ɗaya. Ke nan abin da muke da shi na gaske 11,000 ne. Gaskiya ranar gabana ya faɗi, don da na shiga mitin da 14,000 duk abin da zan gina a kai karkatacce ne.

Sati na biyu shi ne zama da 'yan ciniki. Sun ɗage min sau biyu, na uku sai da na jira wajen minti arba'in a bakin ofis don ogansu yana waya da dila. Da muka zauna suka ajiye min lambobinsu na wata uku masu zuwa, 33,000 a wata na farko, 42,000 a na biyu, 37,000 a na uku. Mu kuma abin da muka saba sayarwa bai wuce 27,000 zuwa 28,000 ba a wata. Na tambayi daga ina ƙarin ya fito, suka ce akwai garabasar da za su yi a wata na biyu, kuma sun samu sabon babban dila da zai fara ɗauka. To wannan dalili ne mai kyau, na rubuta shi a gefen lambar, don lambar da ba a rubuta dalilinta ba in ta ƙi cika ba wanda zai tuna me ya sa aka saka ta. Amma na riga na yi wani ɗan aiki a daren jiya, na ɗauko hasashensu na wata shida da suka wuce na haɗa, ya ba ni 180,000, abin da aka sayar kuma 163,000. Kuma ba wai wani wata sama wani wata ƙasa ba, duk wata shidan hasashen ne a sama, da kusan kashi 10 cikin ɗari. In kuskure yana faɗowa nan da can wannan yanayin kasuwa ne, amma in kullum gefe ɗaya yake faɗowa to akwai abin da ke tura shi.

Da na nuna wa ogansu takardar ransa bai so ba, ya ce "ɗan'uwa, mu in ba mu sa lamba babba ba yaranmu ba za su tashi su nema ba." Anan na fahimci matsalar. Abin da suke ba mu buri ne, abin da suke so yaransu su kamo, mu kuma a masana'anta muna ɗaukarsa kamar hasashe muna sayen kwalba da sinadari a kansa. Na ce masa Yallabai burinku ku riƙe abinku ba wanda zai taɓa, ni abin da nake roƙo shi ne lambar da in aka ce ka sa hannu za ka sa. Shi ma ya kawo wata magana da ta gyara ni, ya ce a cikin wata shidan nan akwai watan da kaya suka yanke mana har kwana biyar, odar da ta shigo aka kasa cikawa ba ta cikin 163,000 ɗin da nake ta nunawa. Kuma gaskiyarsa ce, abin da kwamfuta ke ajiyewa shi ne abin da ya fita daga sito, ba abin da kwastoma ya nema ba. Muka duba littafin oda, abin da ya salwanta a watan bai kai 2,000 ba, bai goge karkatar ba amma ya rage ta kaɗan. Bayan wajen awa biyu muka tsaya a kan 30,000, 38,000 da 34,000. A wannan zaman ban bari maganar ko injin zai iya ta shigo ba, an gargaɗe ni tun farko, in ka bari suka fara rage lamba don sun san injin ba zai iya ba, to ba za ka taɓa sanin girman abin da kake rasawa ba.

Daga nan sai masana'anta. A jikin injin cika kwalba an rubuta katan 100 a awa, muna shifta biyu na awa takwas-takwas, kwana 25 a wata, in ka buga zai ba ka 40,000. Na shiga da murnata ina ganin ai ko 38,000 ɗin ma za mu iya. Shugaban injin ya kalle ni ya ɗauko littafin da suke rubuta abin da ya fita kowace rana, ya ce Malam duba nan. A wata shida babu watan da suka wuce 30,000 da wani abin kirki. Ya zauna ya warware min inda awannin ke tafiya, duk lokacin da za a canja daga wani ƙamshi zuwa wani sai an tsayar an wanke tanki da bututu, wajen awa ɗaya da rabi, kuma ana yin haka sau da yawa a sati, ga injin manna takarda da ke yawan cijewa, ga lokacin miƙa aiki tsakanin shifta. Don haka abin da za a yi lissafi da shi 1,200 ne a rana, 30,000 a wata, abin da layin ya nuna yana iyawa, ba abin da aka rubuta a jikin ƙarfe ba. Ina shirin tashi sai injiniyan gyara ya leƙo ya ce an dai gaya maka akwai babban gyara na kwana uku a wata na biyu ko? Ba wanda ya gaya min. Kwana uku katan 3,600 ke nan, wata na biyu ya dawo 26,400, kuma shi ne watan garabasa.

Daren nan na zauna na jera komai a Excel. Lissafin ba wuya, abin da ka buɗe wata da shi, ka ƙara abin da za a yi, ka cire abin da za a sayar, abin da ya rage shi zai buɗe wata na gaba. Layi na biyu buɗewa, na uku abin da injin zai yi, na huɗu ciniki, sai na biyar:

```
=B2+B3-B4
```

Wata na farko 11,000 muka buɗe, a yi 30,000 a sayar da 30,000, mu rufe da 11,000, lafiya lau. Wata na biyu a yi 26,400 a sayar da 38,000, sai lambar ta koma ja, muna bin bashin katan 600. Wata na uku ramin ya kai 4,600. Alhali ƙa'idar kamfanin ita ce kar sito ya sauka ƙasa da 8,000 na wannan dangin, wato kusan cinikin kwana bakwai na aiki, saboda ko injin ya tsaya ko oda ta zo ba zato. Na daɗe ina kallon jan nan, amma wallahi wani sanyi na ji, don karo na farko ke nan da na ga matsala wata biyu kafin ta iso, da a da ne sai ranar da dila ya kira yana faɗa za mu sani.

Sati na uku muka yi ƙaramin mitin na share fage, ni da wakilin ciniki da shugaban injin da mai sayo kaya da mai sito da 'yar akawun nan. Wannan zaman shi ya fi kowanne amfani kuma shi ne na kusa tsallakewa don ina ganin ɓata lokaci ne. Shawarar farko da kowa ya kawo ita ce obataim, a shigo ranakun hutu huɗu a kowane wata, kowace rana 1,200, a tara kaya tun wata na farko. Mai sito ya ɗaga hannu ya ce wurin da aka ware wa dangin nan falet 250 ne, katan 15,000 ke nan. In aka yi kwana huɗu a wata na farko za mu rufe da 15,800, ga kuma 3,000 ɗin nan masu jar takarda har yanzu suna zaune sun cinye falet 50. Ke nan ko an yi kayan ba inda za a ajiye. Muka ce to kwana uku, 14,600, da sharaɗin a yanke hukunci kan masu yoyon nan a fitar da su daga sito kafin tsakiyar wata.

Sai mai sayo kaya, wanda tun da aka fara bai ce komai ba, ya ce ku tsaya, murfin fa? Murfin kwalbarmu mai famfo ne, daga nesa ake kawo shi, daga ranar oda zuwa ranar da zai sauka sati takwas ne. Odar da ke hanya an yi ta ne a kan 30,000 a wata, abin da ke ajiye na ko-ta-kwana murfi 60,000 ne, wato na katan 5,000 kacal. Kowa ya yi shiru. Injin zai iya, ma'aikata za su zo, amma duk obataim ɗin duniya ba zai wuce abin da murfi ya yarda ba. Muka sake bugawa a kan allo. Wata na farko ƙarin 3,600. Wata na biyu in an yi kwana huɗu na obataim za a samu 31,200, wato 1,200 sama da abin da aka yi odar murfinsa. Jimla 4,800, ƙasa da 5,000 da ƙyar. Wata na uku babu obataim sai in sabuwar oda ta iso, kuma don ta iso dole a sa hannu a satin nan. Shugaban injin aka tambaye shi ko za a ɗage gyaran, ya ce an riga an ɗage shi sau ɗaya, in aka sake shi ba zai ɗauki alhakin abin da zai faru a tsakiyar garabasa ba, ni ma a raina na goyi bayansa. Abin da ya rage sai a roƙi 'yan ciniki su raba garabasar gida biyu, su tura katan 3,000 zuwa wata na huɗu. Wakilinsu ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai oga. 'Yar akawu ta buga mana cewa katan ɗin da aka yi a obataim ya fi na kullum tsada da kusan kashi 6 cikin ɗari, amma ribar da ke kansa ta fi wannan nesa ba kusa ba. Muka tashi da abubuwa uku da ba mu da ikon yankewa, obataim, raba garabasa, da yarda sito ya sauka ƙasa da 8,000.

Ranar babban mitin ban yi barcin kirki ba. Na shirya shafi 22, manajana ya duba da safe ya ce cire duka ka bar uku. Shafin farko abin da muka ce za mu yi a watan jiya da abin da ya faru, na biyu jadawalin nan mai ja, na uku zaɓin da ke gabansu da abin da kowanne zai ci. Shugaban kamfani ya shigo a makare da kusan rabin awa, muna zaune muna jira ba mai magana. Da na nuna jan, ogan ciniki ya fara cewa masana'anta kullum ita ke riƙe su, shugaban injin ya fara ɗaga murya, na ga abin zai koma inda aka saba. Shugaban kamfani ya tsayar da su ya tambaye ni kai tsaye, in an bar garabasar yadda take me zai faru? Na ce ranka ya daɗe, da obataim ɗin za mu rufe wata na biyu da 7,800, na uku da 3,800, wato cinikin kwana uku, injin ya tsaya sau ɗaya mun yanke. In an tura 3,000 gaba za mu rufe da 10,800 sannan 6,800. Ya juya wajen ogan ciniki ya tambaye shi ko an riga an yi wa dilolin alƙawarin rana, ya ce manyan biyu kawai, sauran ba a sanar ba tukuna. Shi ke nan aka yanke, manyan biyu da yankinsu a wata na biyu, sauran a na huɗu, obataim kwana uku da kwana huɗu, gyara yana nan a ranarsa, odar murfi a sa hannu yau, kuma an amince da 6,800 na wata ɗaya kawai. Minti hamsin aka tashi. Kafin la'asar na tura wa kowa takarda shafi ɗaya, abin da aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe.

Wata na farko ya tafi kusan yadda aka tsara, an yi 33,100 an sayar da 29,200, muka rufe da 14,900, sito ya cika maƙil har mai sito yana kirana kullum. A wata na biyu ne na ci karo da abin da ban hango ba. Jimlar dangin tana nan daidai, kaya cike da sito, amma kala ɗaya da garabasar ta fi ja ta yanke kwana huɗu, wasu kala biyu kuma suna jibge ba mai taɓawa. Laifin lissafina ne, na raba obataim ɗin bisa yadda aka saba saye, ban koma na tambayi 'yan ciniki wace kala suka sa a gaba a tallan ba. Mitin ɗin wata-wata yana yanke yawan dangi ne kawai, rabon kala-kala aikin jadawalin sati-sati ne, kuma in ba ka ɗauki dalilan da ka rubuta a zaman ciniki ka kai su can ba, lamba za ta yi kyau a takarda kwastoma kuma ya koma hannu rabbana.

Yanzu wata na tara ke nan ina haɗa shi, kuma akwai abubuwan da ba na sake wasa da su. Ba na karɓar lambar sito sai na tambayi nawa ne aka riƙe. Ba na karɓar hasashe sai da dalilinsa a rubuce, kuma kowane wata shafin farko shi ne abin da muka faɗa da abin da ya faru, tun ana jin haushinsa har aka saba, karkatar nan ta kashi 10 ta sauko wajen kashi 3. Mai sayo kaya shi nake fara tambaya kafin shugaban injin, don abin da ya fi daɗewa a hanya shi ke faɗin iya inda za ka iya canja shiri, in murfi sati takwas ne to duk abin da ke cikin wata biyu masu zuwa kusan an gama yanke shi, maganar da ke da amfani ta wata na uku zuwa gaba ce. Saboda haka ma muka faɗaɗa jadawalin daga wata uku zuwa 12. A na watan jiya layin ya koma ja a wata na bakwai, kuma wannan karon ba obataim ne zai rufe shi ba, maganar shifta ta uku ce, ɗaukar mutane da koya musu aiki zai ci wata uku, shi ne abin da zan kai gaban shugabanni ranar Talata.